Sharhi: Takardun 'yan Madawa, Buza da Keita na rumbun intanet, makullin kuma na hannun wa?

Daminar 2024 ta hallaka sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan. An ƙirga gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya cinye da dabbobin da suka mutu. Abin da ba ya shiga irin wannan lissafi shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, wanda a cikinsa takardun haihuwar 'ya'yan gida suke, da takardar ɗan ƙasa ta maigida, da shaidar BEPC ta yaron da ya tafi Abijan. A ƙauyukan da ke bakin koramun Magiya da kwarin Tarka, inda gini na ƙasa ne, dare ɗaya ya isa a rasa su. Inda ruwa bai je ba, gara da gobara na nasu aikin.

Wannan kafa na goyon bayan kowane matashi na gundumomin Madawa, Buza da Keita ya ajiye kwafin takardunsa a rumbun intanet, wato irin su Google Drive, inda fayil ke zaune a kwamfutocin kamfani, a buɗe shi daga kowace waya a kowace ƙasa. Amma yadda da yawa ke yin hakan a yau, kusan ba shi da maraba da rashin yi. Rumbun ba ya cika ɓacewa. Makullinsa ne ke ɓacewa, kuma a wannan yanki na 'yan cin rani makullin kusan kullum layin waya ne da ake bari ya mutu.

Kwafin da ke intanet ba ya maye gurbin takarda ta asali. Ofishin magajin gari ko na 'yan sanda ba zai buga tambarin legalize a kan hoton da ke cikin waya ba, sai ya ga ainihin takardar. Jami'in kan iyaka ma ba zai bar mutum ya wuce da hoton fasfo ba. Wanda ya ce da matasa sun huta da kula da takardunsu tunda sun ɗauke su hoto, ya cuce su.

Amfanin kwafin yana cikin lambobin da ke jikinsa. Kowace takardar haihuwa na ɗauke da lambarta, da shekarar rajista, da sunan cibiyar da aka yi ta. Wanda ya je ofishin magajin garin Buza da waɗannan abubuwa uku, ma'aikaci zai ɗauko kundin shekarar, ya buɗe shafin, ya fitar masa da sabuwa. Wanda ya je da sunansa da na mahaifinsa kawai, a garin da Mahamadu ɗan Abdu ya fi a ƙirga, ya ɗora wa ma'aikacin aikin da ba lallai ya yi ba. Daga nan ne ɓarna ke somawa. Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta ba da kwana 60 a shelanta haihuwa, wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu a yi masa jijiman. An buɗe wannan ƙofa ne don wanda ba a taɓa yi wa rajista ba, amma wanda ya rasa takardarsa ya gaji da jira yakan bi ta nan, ya kawo shaidu, a yanka masa sabuwa. Sai ranar haihuwa ta sauya, ko Mahamadu ya koma Mamman, ko sunan ƙauye ya canza. Shekaru bayan haka ya haɗa takardun neman tallafin karatu a ANAB ko na gasar shiga aikin gwamnati, a tarar takardar haihuwarsa da shaidar BEPC ɗinsa kamar na mutum biyu ne. Gyaran wannan ya fi neman takardar farko wahala nesa ba kusa ba, kuma hoto ɗaya mai kyau da aka ajiye tun farko zai hana shi.

Haka abin yake ga takardun makaranta. Mai neman wata shaida bayan ta BAC ɗinsa ta ɓata za a tambaye shi shekarar jarrabawa, da sashen da ya yi, da cibiyar da ya zauna, da lambar teburinsa. Ba kowa ke riƙe da waɗannan a ka bayan shekara bakwai ba, kuma daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Ba tafiyar da za a yi sau biyu don lamba ɗaya ba ce.

Saboda lambobin ne ake yin aikin, dole su karantu. A shimfiɗa takardar a kan tabarma ko teburi, a inuwa da rana tsaka, ba da fitilar waya ba, don haskenta na wanke rubutun biro da tambari. Manhajar Google Drive na da wurin sikan da ke daidaita gefuna ya mayar da hoton PDF. A ɗauki gaba da baya, kusurwa huɗu duk su fito. Sannan a gwada: a zuƙo hoton a karanta lambar takardar da abin da ke cikin tambarin. In sai an yi canke tsakanin 3 da 8, a sake ɗauka. A ba fayil suna da zai bayyana kansa, kamar `haihuwa_Buza_2001.pdf`, maimakon jerin lambobin da waya ke ba shi. Takardar haihuwa, da ta ɗan ƙasa, da katin shaida, da shafin fasfo mai hoto, da BEPC, da BAC, da takardun maki, duka da wuya su cinye megabait 20, alhali Google na ba da gigabait 15 kyauta. Kuɗin data ba hujja ba ne a nan.

Dabarar da ta fi yaɗuwa, wato mutum ya tura wa kansa ko wani ɗan'uwa hotunan ta WhatsApp, ba ajiya ba ce. WhatsApp na matse hoto har ƙananan rubutu su dushe, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Saƙonnin kuma a cikin wayar suke zaune, in ta faɗa rijiya sun tafi, sai in an kunna ajiyar madadi. Kamfanin da kansa ya ce yakan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a shiga ba. Wata huɗu kenan, bai kai cin rani ɗaya ba.

A ɗauki misalin wani saurayi ɗan wani ƙauye na Buza, mai BEPC da BAC, wanda ya yi duk abin da aka zayyana. Takardunsa bakwai suna Google Drive, sun fito tas. Wayar kuwa a kasuwa ya saya, mai shagon ne ya buɗe masa adireshin Gmail don ya samu ya sauke manhajoji, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya sa layin saurayin na Nijar a matsayin lambar ceto. Saurayin bai taɓa rubuta adireshin a ko'ina ba, tunda wayar na buɗe komai da kanta. Bayan girbi ya haura Agadas, ya shiga Aljeriya aikin gini. A can ya sayi layin ƙasar, ya cire na gida ya jefa a jaka. Shekara ta zagayo, aka kama shi a wani samame, aka maido shi ta Assamaka ba waya ba jaka. Wannan ɓangaren ba ƙage ba ne: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa Nijar a 2024, kuma waɗanda aka koro sun sha ba da labarin an ƙwace musu wayoyi da kuɗi da takardu.

Yanzu ya ari wayar wani a Arlit yana son ya buɗe rumbunsa. Tambaya ta farko adireshi, bai haddace ba. A ce ya tuna. Ta biyu kalmar sirri, tana wurin mai shagon da ya buɗe wa ɗaruruwan mutane irin wannan asusu, ko dai ya manta, ko kuma kalma ɗaya yake sa wa kowa, wanda ya fi muni. A ce wannan ma ya samu. Google zai ga baƙuwar waya a baƙon wuri, ya nemi ya tabbatar shi ne, ya tura lamba zuwa layin da ke cikin jakar da aka ƙwace. Layin ya shekara ba a sa masa kuɗi ba. Kamfanonin waya, a Nijar da sauran ƙasashe, na rufe layin da ya daɗe ba ya aiki, daga baya su sayar da lambar ga wani. Lambar tabbatarwar saurayin za ta iya sauka a wayar wani baƙo a Dosso. Takardun suna nan lafiya lau, mai su ne ba shi da hanyar isa gare su. In kuma ya haƙura ya bar asusun, tun daga Disamban 2023 Google na da ikon goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke ciki.

Duk wannan ana toshe shi da aikin da bai wuce awa ɗaya ba, kafin a bar gida. Mataki na farko shi ne asusun ya zama na mai shi da gaske. In wani ne ya buɗe, a sauya kalmar sirri yau. Ba sunan gari da shekarar haihuwa ba, ba lambar waya ba, domin duk suna rubuce a jikin takardun da ake son karewa. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, a jere, sun fi gajeriyar kalma mai alamomi ƙarfi, sun kuma fi sauƙin riƙewa. Daga nan a shiga `myaccount.google.com/device-activity` a duba na'urorin da asusun ke buɗe a kansu. Duk wadda ba a gane ba, kwamfutar shagon intanet ce ko tsohuwar wayar da aka sayar, a fitar da ita. Nan ne ake gane ko wani na leƙe.

Mataki na biyu shi ne wanda da zai ceci saurayin Buza. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda wayar Faransanci ke kira Validation en deux étapes, sannan a nemi Codes de secours. Google zai ba da lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Ba sa bukatar layi, ba sa bukatar tsohuwar waya. A kwafe su da biro a takarda biyu. Ɗaya ta zauna gida wurin uwa ko yaya ko matar da aka yarda da ita, cikin leda, ba a akwati ɗaya da takardun asali ba, don kada ruwan da ya ci waɗancan ya haɗa da ita. A takardar a rubuta adireshin imel ɗin, amma ban da kalmar sirri. Ita tana ka. Ta haka wanda ya tsinci takardar bai samu komai ba, mai ita kuwa daga Arlit kira ɗaya zai yi gida, a karanto masa lamba ɗaya, ya shiga. Abin da ya rage masa shi ne ya haddace lambar wayar mutum ɗaya na gida, abin da matasa da yawa suka daina yi.

Kuskuren da masu ilimi ma ke yi a nan shi ne su ɗauki hoton lambobin su ajiye a cikin rumbun da lambobin za su buɗe. An kulle ɗaki kenan da makulli a ciki. Haka manhajar Google Authenticator: tana da kyau don tana aiki ko ba sabis, amma tana cikin wayar da za a iya ƙwacewa, madadinta kuma na cikin asusun da aka kasa buɗewa. Ba ta ɗauke bukatar takarda da biro ba.

Sauran shi ne layin kansa. Mai tafiya ya zaɓi ɗaya: ko ya bar layin gida a hannun wanda zai riƙa sa masa kuɗi yana kira da shi, ko da ya sauka Abijan ko Legas ko Tamanraset ya sayi sabon layi ya shiga asusun ya sauya lambar ceto tun tsohon layin na raye. Sauyin kan ɗauki har mako ɗaya kafin ya zauna sosai, don haka ba aikin daren tafiya ba ne. A ƙara da adireshin imel na ceto na wani ɗan'uwa. Akwai kuma Gestionnaire de compte inactif, inda mutum ke zaɓar waɗanda za a ba wasu fayilolinsa in asusun ya yi watanni shiru. Maganar ba ta da daɗi, amma a yankin da ake rasa matasa a hamada, iyalin da ke neman takardun gado ko na marayu sun san amfaninta.

Akwai masu cewa zuba katin shaida da fasfo a kwamfutar kamfanin Amurka kasada ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Google na ɓoye fayiloli daga ɓarayi, amma shi yana riƙe da makulli, kuma bayanan na wajen Nijar. Wanda abin ya dama yana da zaɓi: Proton Drive na ɓoye fayil ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa, ko kuma a kulle fayilolin da 7-Zip da kalmar sirri ta dabam kafin a ɗora su. Farashin wannan shi ne, in kalmar ta ɓace ba wanda zai buɗe, har kamfanin. Ga ɗan jarida ko mai fafutuka, farashin ya dace. Ga yawancin 'yan cin rani kuwa, haɗarin mantuwa ya fi haɗarin leƙen kamfani kusa, kuma asusu na yau da kullum da aka kulle da kyau ya wadatar. Gaskiyar magana, takardun mutanen Madawa ba daga Kalifoniya suke zuba ba. Daga shagon intanet na bakin tasha suke zuba, inda aka tura wa mai shago katin shaida ta WhatsApp don ya buga, hoton ya zauna a wayarsa da kwamfutarsa tare da na wasu ɗaruruwa.

Hoton katin shaida a hannun mugu jari ne. Ana iya gwada yin rajistar layi da shi, ko buɗe asusun kuɗi, ko a yaudari dangin mai katin da cewa ɗansu na hannu a turo kuɗi. Masu alkawarin biza da aikin Saudiyya ko Dubai a shafukan sada zumunta, abin da suke fara nema kenan, shafin fasfo. Don haka kwafin da za a ba wani ya bambanta da wanda aka ajiye. A buga shi, a rubuta a kansa da biro, ta tsakiya, wa aka ba, don me, a wace rana, sannan a ɗauki hoton wannan a tura. In ta Drive za a raba, zaɓin ya tsaya a Limité, a sa adireshin mutum ɗaya, a cire shi in an gama. Zaɓin Tous les utilisateurs qui ont le lien na nufin duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai buɗe, kuma mahaɗi na yawo daga zaure zuwa zaure. A kwamfutar shago a shiga ta tagar sirri ta burauza, a fita daga asusun kafin a tashi, a tsaya a ga an goge fayil ɗin daga wurin saukewa da kwandon shara. Mai shagon da ya ji haushin wannan, a canza shago.

Bai kamata nauyin duka ya zauna a kan matashi da wayarsa ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka kafa don aiwatar da ita. Shagon da ke tara hotunan katunan mutane yana sarrafa bayanan sirri ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ya dace hukumar ta fito daga Yamai ta isa irin waɗannan shaguna a Madawa da Buza da Keita, da ƙa'ida gajera cikin Hausa da za a manna a bango: a goge bayan bugawa, ba a riƙe kalmar sirrin abokin ciniki. Masu sayar da waya ma a faɗa musu su bar mai saye ya zaɓi kalmarsa da hannunsa.

Makarantu na da ranar da ta fi kowace dacewa, ranar da ɗalibi ke karɓar shaidarsa, sabuwa fil, kafin ta lanƙwashe. Rabin awa a wannan rana, malami ɗaya ya nuna sikan da lambobin ceto, ya fi taron wayar da kai goma a otal. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za ta iya yin haka a makon rajistar sababbin ɗalibai, tunda a lokacin kowa na riƙe da takardunsa a hannu. A yankin Bangi na gundumar Madawa, inda 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato suka samu mafaka bayan hare-haren 'yan bindiga, duk takardar da aka ba mutum ya kamata a taimaka masa ya adana kwafinta nan take, domin waɗannan mutane sun riga sun san yadda ake barin gida ba a ɗauki komai ba.

Babban aikin dai na ofisoshin magajin gari ne. Lambar takardar da matashi ya adana na da amfani ne muddin kundin da take nunawa na nan. Kundin kuwa takarda ne shi ma, a cikin kabad, a ginin da ruwa da gara ba sa jin kunyarsa. Hukumomin gundumomin uku da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Abijan da Legas da Yamai, waɗanda suka saba haɗa kuɗin masallaci da rijiya, za su iya sayen na'urar sikan su biya ma'aikaci, a bi kundayen haihuwa shafi-shafi ƙarƙashin kulawar hukumar rajistar al'umma, a soma da tsofaffin da suka fara ruɓewa, kafin ruwan Yuli ya sauka.